Littafin Kourouma: yabon azzalumi ne, ko zambo ne cikin rigar yabo?

*"Malam, barka da aiki. Ni da abokina mun karanta littafin Ahmadou Kourouma mai suna En attendant le vote des bêtes sauvages, kuma tun daga nan muke ta musu. Shi ya ce wannan ba ƙagaggen labari ba ne, surutun maroƙi ne kawai. Maimaici ya yi yawa, tauraron bai canja ba, bai ga sakayyar zaluncinsa ba, marubucin ma kamar yabonsa yake yi. Ni na ce da gangan aka yi haka, amma na kasa kawo masa hujja. Yaya ake gane marubuci da gangan ya karya ƙa'ida, ba kasawa ya yi ba?"* Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Barka kadai, ɗan'uwa. Ina bayanka a wannan musu, amma ka daina dogara da "da gangan aka yi", domin ba hujja ba ce. Marubuci yana iya yin abu da gangan kuma abin ya ɓaci. Abokinka kuwa idonsa ya gani daidai, duk abin da ya lissafa yana cikin littafin. Inda ya kauce shi ne ya auna littafin da mudu ɗaya, alhali ƙa'ida iri biyu Kourouma ya taɓa. Akwai ƙa'idar ƙagaggen labari irin wanda muka saba, inda tauraro yake fuskantar matsala, ya canja, a ƙarshe a warware. Akwai kuma ƙa'idar waƙar yabon mafarauta ta ƙabilar Malinke ta yammacin Afirka, wadda ake kira donsomana. Ya ɗauki ta biyun ya kafa littafinsa a kanta, sannan ya juya mata baki ta ciji wanda ake yabo. Wanda bai lura da wannan ba, lallai surutun maroƙi zai ji.

Zaman da aka shirya wa Koyaga

Kourouma mutumin Kodebuwa ne, an haife shi a 1927, ya rasu a 2003. Sana'arsa lissafin inshora, kuma ya yi shekaru yana aiki a Lome, babban birnin Togo, a zamanin Gnassingbé Eyadéma. Littafin ya fito a 1998. Ma'anar sunansa ita ce jiran namun daji su jefa ƙuri'a. Koyaga, tauraron littafin kuma shugaban wata ƙasa da aka ƙaga, inuwar Eyadéma ne, kuma marubucin bai yi wani ƙoƙarin ɓoye hakan ba.

Ka tuna yadda aka tsara labarin. Dare shida ake zama. Koyaga yana tsakiya, kusa da shi ga Maclédio, ministansa kuma mai yi masa farfaganda, manyan mafarauta bakwai sun kewaye su. Bingo, mawaƙin mafarauta, shi yake jan labarin, Tiécoura yaronsa yana amsa masa. Kuma Bingo ba mu yake ba labari ba. Koyaga yake faɗa wa tarihin Koyaga, baki da baki: ka yi kaza, ka kashe wane, ka tsere wa kaza. Mu masu karatu 'yan kallo ne da muka tsaya a bayan taro.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Mun san makaɗin fada da 'yan amshinsa da sanƙira, mun san kirarin mafarauta da 'yan tauri. Mun kuma san dokar da ba a rubuta ba: a waƙar fada yabo na ubangida ne, zambo da habaici na abokin gabarsa ne, ɗan sarkin da ya nemi sarauta ya rasa, ko wani da ake takara da shi. Makaɗi ba ya tsayawa gaban sarkinsa ya zuba masa zambo da sunansa. To wannan dokar Kourouma ya karya, kuma tun a shafukan farko. Bingo yana gama ɗaga Koyaga, yana jera shi da manyan mafarautan tarihin duniya, sai Tiécoura ya miƙe yana rawa da shaƙiyanci, ya ce a wannan zama za a faɗi gaskiya a kan mulkin kama-karyarsa, da ƙaryarsa, da kashe-kashensa. Tiécoura yana cikin wani mataki na tsarkakewa da al'adarsu ta ba mai shi damar yin wauta da faɗin abin da ya ga dama, ba a kama shi da laifi. Saboda haka bakin yabo da bakin zambo suna zaune a tabarma ɗaya, kuma duka biyun mutum ɗaya suke nufi.

Ga hujjarka ta farko ke nan. Wanda ya karya ƙa'ida bisa kasawa ba ya nuna maka ƙa'idar tukuna. Kourouma ya shimfiɗa ta cikakkiya, ya gabatar da kowa da muƙaminsa, ya faɗi abin da mawaƙi yake yi da abin da mai amshi yake yi, sannan ya karya ta a gabanka.

Sai tambayar da na fi so ɗalibai su yi mini, kuma masu kaifin hankali sukan yi ta: me ya sa mutumin da ke kashe duk wanda ya ɗaga masa murya zai zauna dare shida ana tona masa asiri? Amsar tana can ƙarshen littafin. Ƙarfin Koyaga a kan abu biyu ya dogara, wani dutse da ya faɗo daga sama wanda yake hannun mahaifiyarsa Nadjouma, da wani tsohon Alƙur'ani da yake hannun malaminsa Bokano. Bayan yunƙurin ƙarshe na kifar da shi, uwar da malamin suka ɓace da kayan. An riga an gaya masa in haka ta faru, hanyar dawo da su ita ce a rera masa donsomana na tsarkakewa, a faɗi komai, ba a ɓoye komai. Wato gaskiyar da ake faɗa masa ba hukunci ba ce, magani ce yake sha don ya koma kan kujerarsa. Wannan ya fi kowane zagi da ke cikin littafin ɗaci. Mun saba ɗauka cewa ranar da aka faɗa wa azzalumi gaskiya a bainar jama'a tasa ta ƙare. Kourouma ya nuna mana mai mulkin da har tonon asirinsa ya mayar da shi kayan aiki.

Mu duba kisan Fricassa Santos

Musu a kan littafi dungurungum ba ya ƙarewa, gara ku kama wuri ɗaya. Ni wurin da nake kamawa a aji shi ne kisan Fricassa Santos, shugaban farko na ƙasar da aka ƙaga.

Tarihin da ke ƙarƙashinsa sananne ne. A ranar 13 ga Janairu 1963 aka kashe Sylvanus Olympio, shugaban Togo na farko, a bakin ofishin jakadancin Amurka da ke maƙwabtaka da gidansa. Waɗanda suka yi aikin tsofaffin sojojin Faransa ne 'yan Togo da aka sallama, suka nemi a ɗauke su cikin rundunar ƙasa aka hana. Eyadéma yana cikinsu. Marubucin da ke bin ƙa'idar labarin siyasa zai ba ka taron ƙulla makirci, da tsoro, da wataƙila ɗan nadama a zuciyar mai harbi.

Kourouma bai bi nan ba. Kafin a zo wurin, ya riga ya nuna mana Koyaga ya dawo daga yaƙin Faransa a Indocina ya shiga farautar wasu namun daji masu tsafi da suka addabi mutanensa: damisa, da ɓauna, da giwa, da kada. Duk karo tsarin ɗaya ne. Dabbar ta yi kurari, wani lokaci a yi gasar rikiɗa, Koyaga ya yi nasara, sannan ya yanke wutsiyarta ya cusa mata a baki don ya toshe ƙarfin ramuwar da ke fita daga gawa. Abokinka zai ce ga maimaicin da yake kuka da shi. Ka ce masa ya ci gaba da karatu. Da aka zo kan Fricassa Santos, sai Bingo ya ba da labarin da wannan tsarin dai, bai canja murya ba. Koyaga ya rikiɗa ya zama farin zakara a cikin jirgin ƙasa, wani Bahaushe mai fataucin kaji ya ɗauka nasa ne ya kuɓuce, ya mayar da shi cikin kwando, ya wuce da shi ta gaban 'yan sandan da ke nemansa. Shugaban ya rikiɗa ya zama guguwa ya faɗa harabar ofishin jakadanci. Da yake an ce ƙarfe ba ya cin sa, da kibiya mai dafi aka fara karya shi. Da ya faɗi kuma, abin da aka yi wa dabbobin nan shi aka yi masa, sai dai mutum ba shi da wutsiya, don haka al'aurarsa aka yanke aka cusa masa a baki.

A nan ne maimaicin yake biyan bashinsa. An yi ta maimaita farautar ne don kunnenka ya saba, ka fara jin daɗin kiɗan, har ka riƙa jiran nasarar maharbi. Sai aka sa mutum a gurbin dabba, kiɗan bai tsaya ba, kai kuma ka tsinci kanka kana bin sa. Daga nan ka gane yadda Koyaga yake kallon siyasa: daji ne, abokin hamayya nama ne. Babu inda marubucin ya tsaya ya yi maka wannan bayani. Tsarin labarin ne ya sa ka ji shi a jikinka.

Maganar tsafi kuma, kada abokinka ya ɗauka Kourouma yana so mu gaskata rikiɗa. A wannan wurin ma, bayan an ce shugaban ya zama guguwa, mai labarin ya ƙara da cewa waɗanda ba su san asiri ba za su ce ai akwai wata hanya ce tsakanin gidan da ofishin. Ya kira su jahilai, amma ya ajiye maka bayaninsu a gabanka. Haka yake yi a wurare da dama, labarin fada a gefe ɗaya, abin da mai yiwuwa ya faru a ɗaya gefen. Kuma wannan ba ƙage ne tsantsa ba. A Janairun 1974 jirgin saman Eyadéma ya faɗi a Sarakawa ya fita da rai, gwamnatinsa ta mayar da wurin abin ziyara, aka gina labarin cewa shi ba ya mutuwa. Abin da littafin yake nunawa shi ne yadda ake ƙera irin wannan labari da kuma masu ƙera shi.

Gwajin da nake ba ɗalibai a nan mai sauƙi ne, ku ma ku yi shi. Ku ɗauki shafukan nan ku sake rubuta su yadda abokinka yake so: a cire rikiɗa, a cire kirari, a ce "ya" maimakon "ka", a sa wa Koyaga fargaba. Za ku sami labari mai tsabta, amma ku duba abin da ya zube. Babu sauran alaƙa tsakanin farauta da mulki, babu kuma wannan ƙyamar da mai karatu yake ji da ya ga an tafa wa kisa. Idan aka gyara karyar ƙa'ida sai ma'ana ta tafi, to karyar tana ɗauke da kaya. Idan aka gyara ba a rasa komai ba, ado ne ko kuskure. Ban san wata hanya da ta fi wannan raba gardama irin taku ba.

Tauraron da bai canja ba

A labarin da muka saba, matashi yakan bar gida, ya gamu da malamai, ya dawo da hankali. Kourouma ya riƙe wannan ƙashin bayan, amma dubi malaman. A dare na huɗu Koyaga ya zaga wurin manyansa a mulki don ya koyi sana'a, kowanne da dabbar da take alamarsa. Mai kada, Tiékoroni, shi ne Houphouët-Boigny na Kodebuwa. Mai kura, Bossouma, shi ne Bokassa na Afirka ta Tsakiya. Mai damisa Mobutu ne na Zayar, mai dila kuma Sarki Hassan na Biyu na Maroko. Darasin Tiékoroni na farko shi ne babban haɗarin da ke gaban sabon shugaba shi ne ya raba baitulmalin ƙasa da aljihunsa. Na biyu, ya bambanta gaskiya da ƙarya. Ana faɗin waɗannan cikin natsuwa irin ta dattijo mai yi wa ɗa nasiha. Saboda haka Koyaga ya koyi abu, ya ƙware ma. Abin da bai yi ba shi ne gyaruwa, kuma abokinka gyaruwa yake nufi da canji.

Sakayya kuma fa? Littafin ya kai mu har farkon shekarun 1990, lokacin da yaƙin cacar baka ya ƙare, Turawan da suka goya wa irin su Koyaga baya suka fara maganar dimokuraɗiyya, aka yi taron ƙasa, matasa suka cika tituna. Mai karatu yana jin ga faɗuwa ta zo. Sai littafin ya rufe da alkawarin da aka yi wa Koyaga, cewa zai tsaya zaɓe ya ci, in ma mutane sun ƙi zaɓensa namun daji za su fito su jefa masa ƙuri'a. A shekarar da littafin ya fito aka yi zaɓe a Togo, aka dakatar da ƙidaya, aka ce Eyadéma ya ci. Ya zauna a kan mulki tun daga 1967 har ya rasu a 2005, ɗansa Faure ya gaje shi. Da Kourouma ya kashe Koyaga a shafin ƙarshe don mu sami sanyin zuciya, da ya yi wa mutanen Togo ƙarya. Na san masu karatunmu da yawa sun taso da littattafan da mugu yake ganin sakamakonsa kafin a rufe, kuma ban raina wannan buƙata ba, tana da tushe a tarbiyyarmu. Amma littafin zambo aikinsa dabam ne. Yana hana ka wannan sanyin ne don fushin ya bi ka har bayan ka ajiye shi.

Inda abokinka yake da gaskiya

Kada ka je masa da cewa komai na littafin daidai ne, zai kama ka. Dare na uku, wanda aka ba Maclédio da yawonsa ƙasa ƙasa yana neman mutumin da ƙaddararsa take hannunsa, ya yi tsawo. Akwai dalilinsa, domin ta nan ne aka kai mu fadar Nkoutigui, wato Sékou Touré na Gini, aka kuma nuna yadda mai ilimi yake zama bawan mai bindiga. Duk da haka in ka yi masa gwajin da na faɗa, za ka iya zare shafuka da dama ba tare da ginin ya girgiza ba. A can Koyaga ya yi nisa da ido, Tiécoura ya yi sanyi, tsamin da ke tsakanin yabo da zagi ya ragu. A ganina wannan rauni ne, ko da da gangan aka yi shi. Karin maganar da ake rufe kowane babi da su ma haka ne, wasu suna cizo, wasu cika al'ada kawai suke yi.

Zarginsa mafi nauyi shi ne na yabo, kuma shi ne ba na iya kawar da shi gaba ɗaya. Na ga ɗalibai, musamman samari, sun gama littafin suna sha'awar Koyaga: jarumi ne, ba ya tsoro, yana girmama mahaifiyarsa, yana kyauta, duk wanda ya nufe shi da sharri shi yake faɗuwa. Waƙar yabo tana da ƙarfin kanta, ba ta daina aiki don kawai marubuci ya yi niyyar juya ta. Waɗanda aka kashe kuwa da wuya a tsaya a kansu har mu san su, suna wucewa ne kamar naman da aka jera bayan farauta. Ana iya cewa wannan ma manufa ce, tunda a bakin mawaƙin maharbi nama ba shi da tarihi. Na yarda da haka, amma kuɗin da aka biya ke nan, kuma mai karatun da ya ce kuɗin ya yi yawa bai yi wauta ba. Duk marubucin da ya ari muryar abin da yake suka yana cikin wannan haɗari, wani ya ji muryar ya rasa sukan.

Abin da ya sa duk da haka nake tsaye a bayan littafin shi ne, wannan sha'awar da samarin suke ji ita ce ainihin abin da ake bincike a kai. Irin su Koyaga ba da bindiga kaɗai suka shekara talatin ba. Akwai masu rawa a filin jirgi, da mawaƙa, da malaman duba, da 'yan jarida irin Maclédio, da talakawan da suka gaskata cewa harsashi ba ya kama shi. Littafin da ya nuna azzalumi a matsayin dodo tun shafin farko yana barin mai karatu a waje, yana kallo da hannunsa tsabta. Wannan kuwa ya zaunar da kai cikin taron, ya sa ka ji daɗin kiɗan, sannan ya sa Tiécoura ya tuna maka abin da ake yi wa kiɗan. In ɗalibi ya ce mini Koyaga ya burge shi, ba na tsawata masa. Nakan ce ya nuna mini shafin da abin ya fara, mu karanta tare, mu ga wa yake magana a wurin, me kuma aka faɗa a layin da ya biyo baya.

In kun sake zama, ku raba musun gida biyu, domin yanzu a cakuɗe yake. Ko Kourouma ya san abin da yake yi, wannan shafukan farko da kisan Fricassa Santos sun isa su amsa, kuma ina ganin abokinka zai sallama. Ko abin da ya yi ya ci nasara a kowane wuri, wannan a buɗe yake, kuma a dare na uku kai ne za ka sha wuyar kare shi. Ku karanta farautar ɓauna da kisan shugaban a jere, da babbar murya, ɗayanku ya zama Bingo ɗayan ya zama Tiécoura, sannan ku ɗora musun daga nan.